Takarda ta yi kyau, amma an ƙara mini shekara biyu da ban yi ba

Ranar Litinin na kai takardar neman aiki da CV ɗina shagon kwamfutar nan da ke layin masu fotokwafi, wanda 'yan makaranta ke cika wa baki. Wata makarantar kuɗi ce a unguwarmu ke neman malamar firamare, kuma sun ce ba sa karɓar rubutun hannu. Ni kuwa a fulsikaf na rubuta komai da biro, shafi uku, da goge-goge da kibiyoyi masu nuna inda layi ya kamata ya koma. Kuɗin bugawa dai kun san shi, kowane shafi da farashinsa, ga ƙarin janareta idan babu wuta. Ban yi ciniki ba.

Yaron da ya karɓi aikin hannunsa da sauri. Kafin in dawo daga kasuwa ya gama, kuma wallahi da ya miƙo mini sai da na yi murmushi. Shafi ukun nan nawa sun koma biyu, wasiƙa ɗaya, CV ɗaya. Adireshina a sama ta dama, na shugabar makaranta ta hagu, kan maganar an yi masa baƙin rubutu. Karatuna ya jera daga NCE ya gangaro sakandare zuwa firamare, shekaru duk a layi ɗaya kamar an ja da zare. Kuskuren Turancina ma ya gyara wurare da dama. Na biya, har na ƙara masa na ruwa. A adaidaita ina ta gaya wa wata mata cewa ta kai nata can.

Da daddare ne abin ya ɓaci. Na fito da takarduna na asali zan haɗa da kwafinsu, sai Yaya ya ce in ba shi ya gani. Ya karanta ya ɗago kai ya ce, "Ke, yaushe kika koyar har 2023? Ba kina gida da goyo ba?" Na karɓa na duba. Ni 2019 zuwa 2021 na rubuta, domin a 2021 na ajiye aikin na yi aure. A takardar an buga 2019 zuwa 2023. Ga shi kuma takardar shaidar da tsohuwar makarantar ta ba ni, wadda zan maƙala a baya, da 2021 ɗinta ɓaro-ɓaro da hatimi. Duk wanda ya buɗe fayil ɗin zai ga bakina biyu, kuma ba zai ce laifin mai bugawa ba ne, tunda sa hannuna ne a ƙasa.

Daga nan muka zauna muka bi ta layi-layi, ni ina karanta ta asali, Yaya yana bin bugaggiyar da yatsa. Sakamakona na NCE a darasin koyarwa Merit ne, an mayar da shi Credit. Sunan mahaifina Muhammad yake a takardar NECO da katin NIN, shi ya buga Mohammed. Wani zai ce ai duk ɗaya ne, to ku tambayi wanda ya taɓa zuwa kotu yin takardar rantsuwa saboda harafi biyu. Ranar haihuwata na rubuta ta da lambobi, 04/11, ina nufin 4 ga Nuwamba, ta fito 11 ga Afrilu. Abin da ya fi ba ni haushi da dariya a lokaci guda, can ƙasa akwai layin hidimar ƙasa, wai na yi a wata jiha da ban taɓa takawa ba. Mai NCE ina ita ina NYSC? Sai mai digiri ko HND.

Washegari da sassafe na koma. Na ce masa, "Ƙanena, wa ya sa ka?" Bai ma ji kunya ba. Layin hidimar ƙasar ya amsa cewa mantuwa ce, a kan tsohon CV ɗin wani ya ɗora nawa, yana goge na mutumin yana sa nawa, wannan layin ya tsallake shi. Amma shekarun ya ce da gangan ya yi. "Anti, taimakonki na yi. Idan suka ga giɓin shekara biyu ba za su kira ki ba. Kowa haka muke yi masa." Wannan "kowa" ɗin shi ya tsaya mini a rai. Mutum nawa ne suka fita shagon nan da ƙarya a hannu ba su sani ba?

Da a nan aka tsaya da cewa zan yi kada kowa ya je. Sai mai shagon, wani dattijo da ke ɗaure littattafai a ciki, ya ji hayaniyar ya fito. Ya ce, "Malama, yi haƙuri, zauna." Ya tayar da yaron daga kujerar ya zauna da kansa, ya buɗe sabon shafi fari a Word, ya ce in shimfiɗa takarduna na asali a kan tebur. Ya ce suna, rana, shekara da maki daga takardar shaida ake kwafarsu, ba daga rubutun hannu ba, domin biro kan sa 1 ta yi kama da 7. Watan haihuwa ya rubuta shi da kalma maimakon lamba. Inda rubutuna bai fito ba ya tambaye ni, bai yi kintace ba. Giɓin shekara biyun ya bar shi yadda yake, sai ya tambaye ni ko na yi wani abu a lokacin. Na ce ina yi wa yaran maƙwabta lesin da yamma. Ya ce to wannan gaskiya ce, idan ina so a sa, kuma da kalmomina aka sa. Ya fitar da gwaji ɗaya, ya ba ni jan biro na duba, sannan ya fitar da na ƙarshe. Bai karɓi ko sisi ba. Ya tura mini kwafi biyu a waya, na Word don gyaran gaba, na PDF don turawa saboda kada layuka su watse.

Na fito raina ya yi sanyi, har ina ganin zan iya yafewa. Amma a hanya na tuna ashe tsohon CV ɗin wani bawan Allah yana nan cikin kwamfutarsu, da lambar wayarsa da ranar haihuwarsa, ana ɗora na wasu a kai. Nawa ma ke nan yana can. Na juya na koma na ce a goge a gabana. Yaron ya goge yana ɓata fuska, ni ce ma na ce ya buɗe Recycle Bin ya ƙarasa. Ga kuɗin adaidaita sau biyu, ga na ruwan da na ba shi, wanda har yanzu yana mini ciwo.

Idan dattijon yana nan, ku ba shi aikinku ku zauna kusa da shi. Idan yaron ne kaɗai, ni dai ba zan bar masa takardata in tafi kasuwa ba. Na miƙa fayil ɗin ranar Laraba, da 2021 ɗina.