Sharhi: Karanta Rubutun Jikin Gwangwani da Kwalba Daga Hoton Waya

Mai shago a Agege ko Idi-Araba ba kullum yake iya ratsa cunkoson Legas ya je Idumota duba kaya ba. Dila ne ke turo hoto ta WhatsApp, shi kuma ya buɗe shi da manhajar nan ta waya mai kwafe rubutu daga hoto, don ya ciro lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Na gwada wannan hanya a kan gwangwanayen tumatir da na madara da kwalaben maganin ruwa, kuma hukuncina shi ne: abin da ke tsakiyar gwangwani manhajar tana karanta shi tsaf, abin da ya kwanta gefe kuwa cankarsa take yi, kuma ba za ta nuna maka cewa canka ta yi ba.

Dalilin ba daga manhajar ya fara ba, daga siffar gwangwanin ne. Ɗauki wanda faɗin bakinsa santimita 7 ne. Kewayensa kusan santimita 22 ke nan, kuma ko daga nesa ka tsaya, rabinsa kawai kyamara za ta gani. Wannan rabin mai santimita 11 shi ne ake matsewa cikin faɗin santimita 7 a hoto, amma matsewar ba daidai take a ko'ina ba. Harafin da ke fuskantar kyamara yana fitowa da cikakken faɗinsa. Wanda ya kauce da digiri 30 yana riƙe kashi 87 cikin ɗari, abin da ido ma ba ya lura da shi. A digiri 45 ya koma kashi 71, a digiri 60 ya zama rabi, a digiri 75 kuwa kwata kawai ya rage. Tsayin harafin bai canza ba, faɗinsa ne ke tsukewa, shi ya sa 0 ke sirancewa ya yi kama da 1, ramukan 8 kuma su toshe.

Sai a haɗa wannan da ƙanƙantar hoto. Idan aka turo hoto a WhatsApp ta hanyar da aka saba, ana rage shi, dogon gefensa ya dawo wajen fiksel 1600. A ce dila ya ɗauko gwangwanin tare da teburi da katan ɗin da ke baya, har hoton ya ci tsawon santimita 20. Kowace milimita ta samu fiksel 8 ke nan. Harafin jerin sinadarai mai faɗin milimita 1 yana da fiksel 8 a tsakiya, wanda da ƙyar ya isa. Wannan harafin dai a digiri 60 fiksel 4 gare shi. Da ɗigo huɗu ba a bambanta 3 da 8, ko B da 8, ko A da 4. Lambar rajistar magani da ta fara da A4 ko B4 sai ta fito 44 ko 84, ka je Greenbook, shafin NAFDAC na duba kayan da aka yi wa rajista, ka buga, a ce babu, ka ɗauka jabu ne alhali hoton ne ya gaza.

A nan ne manhajar ta fi ba ni haushi. Idan kalma ce, kamar sunan sinadari, tana cike giɓin da abin da ta saba gani, kuma galibi tana dacewa. Lamba ba ta da irin wannan gata. EXP 03/2026 da EXP 08/2026 duk ranaku ne masu ma'ana, babu abin da zai nuna mata wadda ba daidai ba, alhali tsakaninsu wata biyar ne, kuma wata biyar ɗin nan su ne bambancin riba da asara a katan hamsin. Haka ƙarfin magani: akwai farasitamol na yara mai 120mg/5ml, akwai mai 125mg/5ml. Rubutun da ta kwafo zai fito fes, cikin haruffa masu kyau, kamar ba a taɓa shakka ba.

Alamar da za ka gane an shiga yankin canka tana da sauƙi. Dubi rubutun da ta fitar: idan farkon kowane layi ko ƙarshensa ya gutsure, ko haruffa biyu sun manne sun zama ɗaya, to duk lambar da ke wannan gefen kada ka yarda da ita. Idan kuma layuka sun cakuɗe, rabin na sama ya haɗe da rabin na ƙasa, to an ɗauki hoton daga sama ne ko daga ƙasa. Layin da ke miƙe a jikin gwangwani yana lanƙwashewa kamar baka da zarar kyamara ta bar tsayinsa, manhajar kuma layi miƙaƙƙe take nema.

Gyaran yana hannun mai ɗaukar hoto, kuma bai kai minti biyu ba. Ya ajiye gwangwanin a tsaye, ya sauke wayar har idon kyamara ya yi daidai da tsayin layin da ake so. Ya ja baya kamar santimita 40 ya ƙara zum sau biyu, maimakon ya kusanto. Kusantowa na rage abin da ake gani: daga santimita 10, digiri 150 kawai ke fitowa na gwangwanin nan, daga santimita 40 kuwa kusan 170, kuma matsewar gefe ta fi sauƙi. Daga nan wayar ta tsaya wuri ɗaya, gwangwanin ake juyawa. Yankin da za a amince da shi digiri 30 ne kowane ɓangare, wato tsiri mai faɗin kusan santimita 3.7, yatsu biyu. Hoto shida ke kewaye gwangwanin duka, bakwai idan ana so kalmar ƙarshen wannan ta sake bayyana a farkon na gaba don a san inda za a haɗa. Mafi yawan lokaci ma ba a buƙatar haka, a juyo lambar NAFDAC tsakiya a ɗauka, ya wadatar. Wajen turawa a zaɓi Document ko HD.

Fitilar kyamara a kashe ta. Jiki mai lanƙwasa yana mayar da haske a matsayin farin zane daga sama har ƙasa, kuma idan hasken daga wayar ya fito, zanen yana faɗawa daidai tsakiya, wurin da ya fi karantuwa. Inuwar rumfa da rana ta fi kwan lantarkin cikin shago. Kwalba mai garau da ruwa a ciki tana da tata matsalar, don rubutun bayanta yana leƙowa ta cikin ruwan a juye, manhajar ta kwaso shi ta zuba cikin na gaba.

BN da MFG da EXP, wato lambar rukunin kaya da ranar yi da ranar lalacewa, sau da yawa ba a jikin takarda suke ba, a gindin gwangwani ko murfi ake buga su da ɗige-ɗigen tawada, wani lokaci a danna su cikin ƙarfen babu tawada sam. Gindin shimfiɗaɗɗe ne, babu lanƙwasa, amma manhajar ta fi yin tuntuɓe a nan, domin ɗigo ɗaya da ya goge ya isa ya mai da 8 ta zama 3 ko 6. Waɗanda aka danna cikin ƙarfe sai an haska su daga gefe, inuwa ta kwanta cikin ramin, kafin su fito. Waɗannan layuka uku a nemi hotonsu daban, a buɗe shi a faɗaɗa, a karanta da ido, sannan a gwada tazarar MFG da EXP a ga ko ta yi daidai da ta sauran kayan kamfanin da ke kan kantar shago.