Saƙon da aka goge a WhatsApp: sharhin mai ciniki da waya a Kumasi

Rabin cinikin albasar da nake yi tsakanin Aboabo da Kejetia a WhatsApp yake ƙarewa, don haka na daɗe ina zama da wannan ɗan rubutu mai toka-toka, "This message was deleted". Kamfanin ya kawo damar gogewa ga kowa, wato "Delete for everyone", a ƙarshen 2017. Lokacin minti 7 kawai ake ba mutum, daga baya aka kai shi sa'a ɗaya da 'yan mintuna, a 2022 kuma aka buɗe shi zuwa kwana biyu da ɗoriya. Mutanenmu na Zango suna ɗora wa rubutun nan nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Abu uku kacal yake faɗa: wane ne ya turo, ƙarfe nawa ya turo, da kuma cewa an janye saƙon. A guruf, idan admin ne ya goge na wani, akan rubuta sunan admin ɗin a wurin.

Lokacin da ke gefen rubutun shi ne ya fi rikita mutane. Lokacin da aka turo saƙon ne, ba lokacin da aka goge shi ba. Idan ka ga gurbin saƙo da ƙarfe 6:40 na safiyar Talata, mai shi yana iya gogewa bayan daƙiƙa goma, yana kuma iya bari sai daren Laraba. Daga allonka babu yadda za ka bambance. Haka nan ba ya nuna maka ko rubutu ne, ko hoto, ko saƙon murya.

Wata Hajiya mai sarin albasa a wurinmu ta taɓa zuwa rumfa ranta a ɓace. Wayarta ta kwana babu data, da ta kunna da hantsi sai ga saƙonni biyu daga dillalin da ke kawo mata kaya daga Bawku. Na farko gogagge, ƙarfe 6:40. Na biyu, 6:41, yana cewa buhu sidi 950. Ta ce, "Malam, duba min nan. Farashi mai sauƙi ya fara turowa, da ya tuna ni ce sai ya goge ya ƙara." Na ce, "Hajiya, kin ga na farkon da idonki?" Ta ce ina, ai tana barci. Ke nan hujjarta tazarar minti ɗaya ce kawai, kuma tazarar nan ta dace da zarginta kamar yadda ta dace da kuskuren yatsa, ko lambar MoMo da ya yi niyyar tura wa wani. Tunda wayarta babu data, saƙon da umarnin gogewar tare suka jira ta, gurbin kawai ya iso mata. Muka kira shi, ya ce hoton lodin wani kwastoma ne ya faɗa wurinta. Wataƙila gaskiya ya faɗa, wataƙila a'a. Wayar dai ba ta ba kowa gaskiya ba.

Abin da na nuna mata, wanda ita ba ta lura da shi ba, yana jikin saƙo na biyun: ƙaramin rubutu kusa da lokaci, "Edited". Ni a wurina wannan ya fi gogewa haɗari ga ɗan kasuwa. Tun watan Mayu 2023 WhatsApp ke ba da minti 15 a gyara rubutu bayan an tura. Idan an gyara, babu sabuwar ƙara da za ta shigo maka, kuma babu inda za ka danna ka ga abin da aka rubuta da farko. Gogagge yana barin rami a tsakiyar hira, ko makaho ya shafa ya ji. Gyararre kuwa yana zaune lafiya lau da cikakkiyar jimla, sai wannan kalma da sai ka kanne ido za ka gan ta. Idan dillali ya rubuta 900, ka karanta, ka ajiye waya ka tafi neman kuɗi, ya mayar da shi 950 cikin minti goma, ka dawo ba ka da abin nunawa. Iyakar abin da "Edited" ke tabbatarwa shi ne an taɓa saƙon cikin minti 15 na farko. Ko harafi ɗaya aka gyara, ko kuɗin gaba ɗaya, alamar ɗaya ce. Shi ya sa idan aka turo min farashi, nan take nake amsawa da nawa rubutun, "Na karɓa a 900," domin nawa saƙon ba shi da ikon taɓa shi.

Saƙon da bai isa ba wani gida ne daban, kuma mai turawa kaɗai ke ganin alamarsa. Ɗan agogo yana nufin bai ma bar wayarka ba, matsalar sabis ɗinka ce. Tik ɗaya, ya bar hannunka amma bai shiga wayar wancan ba. Tik biyu ya shiga, shuɗi an buɗe, sai dai in mutum ya kashe wannan alamar. Wanda aka tura wa ba ya ganin komai, ko gurbi babu. Kamfanin yana riƙe irin wannan saƙo har kwana 30, in bai samu shiga ba ya watsar. Tik ɗaya da ya daɗe yana iya zama waya ta mutu a hanyar Tamale, yana iya zama an yi maka bulok, kuma da gangan ba a bambanta su ba. Akwai kuma "Waiting for this message", wanda wasu ke ɗauka gogewa ce. Ba ita ba ce. Saƙon yana nan, wayarka ce ba ta iya buɗe kullensa ba tukuna, galibi don ɗayanku ya sake saka manhajar, kuma yakan warware idan mai turawa ya hau layi.

Ga mai gogewa ma akwai abin da ba a gaya masa. Kai "You deleted this message" za ka gani, hankalinka ya kwanta, alhali WhatsApp ba ya sanar da kai idan gogewar ba ta yi aiki a wancan ɓangaren ba. Wanda ya karanta daga sanarwar saman allo ya riga ya karanta. Wayoyin Android daga sigar 11 suna da "Notification history", in mai ita ya kunna, rubutun kan zauna a can na awa 24. Mai iPhone da ke ajiye hotuna kai tsaye, hoton na iya zama a wayarsa bayan ka goge. Balle wanda ya ɗauki hoton allo. Ni kafin in goge komai tik nake fara dubawa: in ɗaya ne, na tsira, in biyu ne sai in ɗauka an gani, in rubuta dalili a ƙasa.

Duk da haka na fi son tsarin nan a kan na Telegram, inda saƙo ke ɓacewa daga ɓangarorin biyu ko sawu babu. A harkar bashi gara in san an cire wani abu. Ƙorafina biyu ne: su sa lokacin gogewa kusa da lokacin turawa, su kuma bar mutum ya ga rubutun farko na saƙon da aka gyara. Kafin su yi, farashi da lambar MoMo da aka turo min, sai na maimaita su da hannuna kafin in tura ko sidi ɗaya.