Kayan da ke cin kuɗin talla ba ciniki: da me za ka gano su?

Hanyoyi uku ne a gaban mai tallata kaya a Google Shopping: rahoton da ke cikin Google Ads, ɗan rubutun umarni da ake haɗawa da Google Sheets, ko manhajar da ake biyan kuɗinta irin su DataFeedWatch da Channable. Kafin ka zaɓi ɗaya, ka fara tsayar da ma'aunin da za ka ce kaya ya gaza, domin duk ukun da shi suke aiki.

A ce a shagonka cikin dannawa 100 ana samun ciniki 2. Kayan da aka danna sau 50 ba a saya ba bai yi laifin komai ba tukuna: ko lafiyarsa ƙalau, kusan sau 36 cikin 100 haka za ta faru. Sai dannawar ta kai 150 sannan wannan yiwuwar ta sauka ƙasa da kashi 5 cikin 100. Saboda haka manhajar da ke yanke wa kaya hukunci a dannawa 20 ko 30 za ta sa ka toshe kayan da za su kawo riba.

Rahoton Google Ads kyauta ne. Ka buɗe shafin Products, ka ɗauki kwana 90, ka tace Conversions ya zama sifili, sannan ka jera bisa Cost daga babba zuwa ƙarami. Ka cire makon ƙarshe daga lissafin, domin Google na jingina ciniki ga ranar da aka danna tallar ne, wanda ya danna jiya kuwa wataƙila sai jibi zai saya. Mai kaya ɗari biyu ko uku ba ya bukatar abin da ya wuce wannan.

Matsalarsa tana fitowa ne a kaya masu launi da girma daban-daban. Ɗauki takalmi ɗaya mai lambobin girma shida daban-daban, kowace lamba da nata Item ID. Kowace ta sha dannawa 30, babu ciniki. A rahoton za ka ga layuka shida ƙanana a warwatse can ƙasa, babu wanda zai ja hankalinka. Amma a haɗe dannawa 180 ke nan, ya riga ya haye ma'aunin. Sai an tara su bisa item_group_id, lambar da ke haɗa kaya 'yan gida ɗaya, ɓarnar ke bayyana, shi ya sa ake bukatar hanya ta biyu.

Rubutun umarnin yana jawo alƙaluma kullum da tambaya irin wannan, sai dai dole ya riƙa sabunta ranakun da ke cikinta kowace rana:

```
SELECT segments.product_item_id, metrics.clicks,
  metrics.cost_micros, metrics.conversions
FROM shopping_performance_view
WHERE segments.date BETWEEN '2025-01-01' AND '2025-03-31'
```

Ana raba cost_micros da 1,000,000 kafin a sami ainihin kuɗin. Daga nan a haɗa sakamakon da jadawalin kaya, a tara 'yan gida ɗaya, a rubuta wa kowane kaya laƙabi a custom_label_0, a mayar wa Merchant Center, inda Google ke ajiye bayanan kayanka, ta ƙarin jadawali. Da wannan laƙabin ake ware kayan zuwa kamfe mai ƙaramin kasafi. A kula: Google Ads na mayar da lambobin kaya zuwa ƙananan haruffa, don haka a cikin rubutun umarnin SKU-A1 da sku-a1 ba za su haɗu ba sai an daidaita su, kuma tebur ba zai yi maka ƙorafi ba, layukan kawai za su fito babu komai. Wannan hanyar ba ta cin kuɗi, amma tana son mai kula da ita.

Manhajar kuɗi aikin nan dai take yi, sai dai ta ɗauke maka wahalar gyara. Tana dacewa da mai dubban kaya ko mai talla a dandamali fiye da ɗaya. Kafin ka biya, ka tambaya ko kai ne za ka sa adadin dannawa da tsawon kwanaki, ko tana tara kaya bisa item_group_id, kuma ko tana karɓar ribar kowane kaya, ba kuɗin sayarwa kaɗai ba. Ka kuma tabbatar ba za ta canza id na kayanka ba lokacin ƙaura, domin da lambar ta canza, tarihin kayan ya tafi. Laƙuban custom_label biyar kacal gare ka, daga 0 zuwa 4, sai ka ji nawa za ta cinye.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ka duba ko da wace hanya ka ɗauka. Ana jingina ciniki ga kayan da aka danna, ba wanda aka saya ba. Mutum zai danna jaka ya sayi bel, rahoton ya nuna bel ba ya ciniki alhali yana fita. Kunna rahoton kwandon saye a Google Ads shi ke nuna wannan. Idan kuma kaya ya haye dannawa 150 da gaske, ka buɗe shafinsa kafin ka toshe shi da excluded_destination: sau da yawa lambar da aka fi nema ce ta ƙare, ko kuɗin aikawa ne ke bayyana a matakin biya, ko sunan kayan ne ke jawo masu neman wani abu dabam, wanda gyaran title kaɗai zai magance.