Sharhi kan wasiƙar tabbatar da ragowar bashi ta ƙarshen shekara

Kamfanin akantocin da ke duba littattafanmu ne ya tsara wasiƙar da muka aika wa masu kawo mana kaya, inda ake roƙon kowannensu ya tabbatar da kuɗin da yake bin mu zuwa ranar 31 ga Disamba. Shafi ɗaya ce, ɗauke da adadin da ke littafinmu da gurbin sa hannu da hatimi, an kuma nemi a mayar da amsa kai tsaye ga masu binciken kuɗi ba tare da ta biyo ta ofishinmu ba, wanda hakan daidai ne, domin amsar da ta ratsa hannun wanda ake bincika ba ta da nauyin shaida.

Abin da ya fi burge ni shi ne jadawalin da aka haɗa mata, wanda ya jera kowace takardar neman biya da lambarta da ranarta. Amfaninsa ya fito fili da wani mai kawo kaya ya ƙi amincewa da lissafinmu. Littafinmu ya nuna 4,200,000, shi kuma ya rubuto 5,150,000, wato akwai saɓanin 950,000. Da muka bi jadawalin layi-layi, sai muka ga 600,000 kuɗi ne da muka tura ranar 30 ga Disamba amma bai shigar a littafinsa ba sai 2 ga Janairu, sannan 250,000 na kayan da ya ɗora a mota ranar 29 ga Disamba ne, waɗanda ba su iso sito ba sai 4 ga Janairu. Waɗannan biyun saɓanin lokaci ne kawai. Ragowar 100,000 kuwa na kayan da muka mayar masa ne saboda lalacewa, mun cire su daga bashin, shi kuma bai fitar da takardar ragi ba, kuma a nan kaɗai aka zauna aka yi magana.

Inda wasiƙar ta gaza shi ne buga adadinmu a samanta. Akawun da aiki ya yi wa yawa a Janairu yana iya sa hannu ba tare da ya buɗe littafinsa ba, kuma ana gane irin wannan amsar idan ta dawo nan take babu jadawalin ɓangarensu a tare da ita. Tunda abin tsoro a lissafin basussuka shi ne wanda aka manta ba a rubuta ba, da an bar gurbin adadin babu komai, kowa ya cike nasa, da shaidar ta fi ƙarfi. Haka kuma ba a aika wa manyan masu kawo kaya da littafinmu ya nuna ba sa bin mu komai ba, alhali a wurinsu ne ɓoyayyen bashi ya fi kwanciya. Na nemi a gyara waɗannan biyun kafin mu sake amfani da ita.