Ruwa ko garin Class D: me ya dace da gobarar magnesiyam?

A wurin da ake gogar ƙarfen magnesiyam, idan ɓarɓashinsa ya kama wuta, hannu kan fara kaiwa ga bokitin ruwa. Nan hatsarin yake. Wutar magnesiyam fara ce fat mai kashe ido, zafinta kuma yakan kai kusan digiri 3,000 a ma'aunin Celsius. Da irin wannan zafi, ƙarfen yana fizge iskar oksijin da ke cikin ruwan, ya saki haidurojin. Ita kuwa haidurojin da kanta take kamawa, sai ka ji fashewa, narkakken ƙarfe ya fantsama ko'ina. Tukunyar kashe wuta ta CO2 ma ba ta tsinana komai, domin magnesiyam yana ci gaba da ci a cikin wannan iskar.

Garin da ke cikin tukunya mai alamar Class D, wato wadda aka tanada don gobarar ƙarfe, aikinsa daban. Wani gishiri ne aka sarrafa, wani kuma girafayit. Idan na gishirin ya rufe wutar, zafi yakan haɗe shi ya zama ɓawon da ke toshe iska, yana kuma janye zafin. Amma a hankali ake zuba shi, har ya yi kauri. Fesawa da ƙarfi kan ɓarɓashin ƙarfe irin magnesiyam ko alminiyam tana tayar da ƙurarsa sama, ƙurar kuma ta fashe, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Garin yana da iyaka: ƙaramar wuta da ke kwance a ƙasa yake iyawa. Ƙarƙashin ɓawon ƙarfen yana nan da zafi, don haka kada a tona sai ya huce sarai. In ɓawon ya tsage, a ƙara gari a wurin.