Shuɗin maki na kuɗi: me kake saya idan ka biya?

Kafin ka biya kuɗin wata don shuɗin maki ya fito kusa da sunanka a dandalin sada zumunta, sai ka san abin da makin yake shaidawa, domin ba abu ɗaya yake faɗa a kowane dandali ba.

Twitter ne ya fara bayar da shi a 2009, bayan Tony La Russa, wani kocin wasanni a Amurka, ya kai ƙara saboda an buɗe shafin bogi da sunansa. A wancan tsari kamfani ne ke bincike: shin kai ne da gaske, an san ka, kana amfani da shafin? Ba a biyan ko sisi, sai dai an sha ƙorafin son kai wajen rabonsa. Duk da haka, mai karatu ya san ma'anarsa: wannan shafi na mai sunan ne.

A Nuwamba 2022, bayan Elon Musk ya sayi kamfanin, aka mayar da makin na duk wanda ya biya dala 7.99 a wata. Ba a je ko'ina ba wani ya buɗe shafi da sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly, ya sayi maki, ya sanar cewa insulin ya zama kyauta. Jama'a suka yarda, sai da kamfanin ya fito ya ƙaryata. Abin da ya jawo haka a fili yake: an sauya sharaɗin samun alamar, amma kamanninta na nan yadda aka saba. Ido na ganin tsohuwar shaida, alhali rasit ne kawai. A Afrilu 2023 kuma aka cire tsofaffin makin.

Yau a X, wato sabon sunan Twitter, shuɗin maki na zuwa ne da tsarin biyan kuɗi na `X Premium`. Ana neman suna da hoto a shafin da lambar waya da aka tabbatar, amma nuna katin shaida ba dole ba ne. Abin da kake saya a nan shi ne a ɗaga amsoshinka sama, ka rubuta dogon bayani, ka gyara abin da ka wallafa. Kamfanoni na da na ruwan zinare, hukumomin gwamnati na da na ruwan toka.

`Meta Verified`, wanda aka fara a Fabrairu 2023 don Facebook da Instagram, ya bi wata hanya daban. Farashinsa na farko a Amurka dala 11.99 ne ta burauza, 14.99 ta manhajar waya. Sai ka kai shekara 18, ka ɗora katin shaida na gwamnati, sunanka da hotonka su yi daidai da na katin. Ba ya cewa kai sananne ne, balle mai gaskiya a ciniki. Yana cewa ne an ga katin mutum mai wannan suna.

A ɗauki mai koyar da ɗinki ta bidiyo, wadda wani ya kwashi hotunanta, ya buɗe shafi da sunanta da ƙarin harafi ɗaya, yana karɓar kuɗin rajista a hannun ɗalibanta. Idan a X ne, makin ba zai raba gardama ba, tunda ɓarawon ma yana iya sayen nasa. A Instagram kuwa zai sha wuya ya kawo kati mai sunanta da fuskarta, kuma cikin abin da ta biya akwai sa ido kan masu kwaikwayonta da damar yin magana da ma'aikacin kamfanin. A ganina nan kuɗinta zai yi aiki. Amma da sharaɗi: idan da laƙabi aka san ta, wanda ba ya kan katinta, rajistar mutum ɗaya za ta ba ta matsala, sai ta duba tsarin 'yan kasuwa. Idan ta sauya suna ko hoto sai an sake tantance ta, kuma ranar da ta daina biya makin zai tafi.

Akwai na kyauta har yanzu. YouTube na karɓar buƙata daga tashar da ta kai mabiya 100,000. LinkedIn na tantancewa da katin shaida ko imel na wurin aiki. Instagram ma bai rufe ƙofar sanannu ba, ana nema daga cikin saitin manhaja. TikTok ba ya sayar da nasa, don haka duk wanda ya turo maka saƙo cewa zai samo maka shi idan ka biya, ko ya nemi kalmar sirrinka, ɗan damfara ne.

Idan kuma kai ne za ka tura wa mai maki kuɗi, duba sunan da ke bayan `@` harafi-harafi, ka ga ranar da aka buɗe shafin, sannan ka bincika ko shafin intanet na mutumin ko kamfanin ya ambaci wannan adireshi.