Sharhi kan tura dogon jerin imel ga wanda ya shigo a tsakiyar magana

Mako uku muka yi muna musayar imel mu shida a kan shirya taron horar da ma'aikata, har saƙonni suka kai 43, sannan aka haɗa mu da wata abokiyar aiki da za ta kula da ɗakin taro da kujeru. Ni aka ɗora wa nauyin sanar da ita inda aka kwana, kuma a nan ne na gwada "Forward all" na Gmail a kwamfuta, wanda ake samu cikin ɗigo ukun da ke saman jerin saƙonni.

Da farko na yi niyyar bin hanyar da aka saba, wato in amsa saƙon ƙarshe in ƙara adireshinta, tunda tsofaffin saƙonni suna biye a ƙasa. Da na buɗe su na ƙirga, sai na tarar ba su cika 43 ba. Dalili kuwa shi ne kowace amsa tana ɗauke ne da saƙon da aka amsa da waɗanda ke cikinsa kawai. Wani daga cikinmu ya koma ya amsa saƙo na 20 bayan an riga an kai na 26, sauran kuma suka ɗora a kan nasa, saboda haka saƙonni shida suka fita daga layin, ciki har da wanda aka rage mahalarta daga 60 zuwa 45. Da na bi wannan hanya, da ta tanadi kujeru 60 ba tare da laifinta ba. Ban da haka, amsa ba ta tafiya da fayilolin da aka liƙa a baya.

"Forward all" ya rufe wannan gibi. Ya tattara dukkan saƙonnin da ke jerin cikin imel ɗaya, ya jera su daga na farko zuwa na ƙarshe, kowanne da sunan mai aikowa da ranarsa, kuma fayilolin suka biyo. Wannan jeri ya fi komai burge ni, domin mai karatu yana bin maganar yadda ta faru, ba daga ƙasa zuwa sama ba. Sai dai a kula da nauyin fayiloli, tunda iyakar abin da ake liƙawa a saƙo ɗaya megabait 25 ce.

Akwai abin da ya wajaba a duba kafin a danna aikawa. Duk amsar da wani ya aiko maka kai kaɗai a ƙarƙashin kanun maganar tana zaune cikin jerin da ke akwatinka, don haka ita ma za ta shiga. Na samu irinta guda biyu, inda wani ya faɗa mini ra'ayinsa a keɓe, na goge su da hannu. Manhajar ta yi abin da aka ce ta yi ne, tacewa kuwa aikin mai turawa ce.

Abin da ban yarda a ɗauka ba shi ne cewa turawar ta wadatar. Saƙo 43 a jere tarihi ne, ita kuwa abin da take bukata shi ne matsayar yau. A saƙo na 9 an ce 12 ga Mayu, a na 31 aka ɗage zuwa 19 ga wata, kuma wanda ya gaji a tsakiya zai tafi da ranar da aka soke. Saboda haka na rubuta taƙaitawa ta layi takwas a sama. Na fara da abin da ake so daga gare ta da ranar da ake jiransa, sannan abin da aka tsayar, wato 19 ga Mayu da mutum 45, tare da ranar saƙon da aka yanke kowanne domin ta iya tabbatarwa da kanta. Na ambaci tsohuwar ranar a fili na ce an soke ta, na nuna fayil ɗin jadawalin da ake aiki da shi cikin ukun da ke liƙe, na kuma ware abu ɗaya da ba a cimma matsaya a kansa ba tare da sunan wanda ake jira. Gardamar da aka sha kafin a yanke kuwa ban sa ta ba.

Bayan haka na koma asalin jerin na amsa wa kowa tare da saka ta, domin turawa kaɗai ba ta sa sauran su riƙa haɗawa da ita. Tambaya ɗaya ta yi mini washegari, a kan abin nan da na ce bai kammala ba.